Turmi, Sufa da "Ba Ta Zuba": Abin da Kalmomin Atamfa Ke Nufi a Kasuwar Jos

Gwaggona ta yi shekaru tana sayar da atamfa a babbar kasuwar Jos ta Taminus, har zuwa gobarar watan Fabrairun 2002 da ta cinye kasuwar ta watsa 'yan tireda zuwa bakin titin Ahmadu Bello da lungunan da ke kewaye. A rumfarta na fara lura cewa zane ɗaya yana amsa sunaye da yawa. Bahaushiya ta zo ta ce a ba ta atamfa. Bayarabiya ta nuna wannan zanen ta ce ankara. Matar Ibo ta kira shi abada. Mata 'yan Birom da Angas, da Hausa suke ciniki, amma sau da yawa sai ka ji sun ce rafa. Wannan bai taɓa kawo rigima ba, domin kowa yana ganin abin da ake nunawa. Rigimar tana cikin wasu kalmomin da kowa ke faɗa da baki ɗaya amma kowa da abin da yake nufi: turmi, Holan, Sufa, auduga, da kuma wannan alkawarin da ba ya ƙarewa a bakin mai shago, "ba ta zuba".

Abin da ya sa na koma kan kalmomin nan shi ne ankon bikin 'yar yayata. Ni aka ɗora wa sayayya. Na shiga wani shago a cikin gari, mai shagon ya sauko da zane mai ruwan ganye da ratsin ja, ya ce, "Hajiya, wannan Sufa ce, cikakken turmi, ba ta zuba." Na ɗauki turmi goma sha biyu. Bayan kwana uku telanmu ya aiko a kira ni. Ya shimfiɗa turmi ɗaya a kan teburinsa, ya ja tef daga wannan baki zuwa wancan, ya ce, "Anti, duba da idonki." Tsawon ya tsaya a inci 197. Faɗin kuma inci 44.

A nan ne ya kamata a fara, da turmi da yadi. Yadi kalmar Turanci ce da ta zauna a bakinmu, kuma ma'auni ne tsayayye: inci 36, wato santimita 91 da ɗan ɗoriya. Kafin zuwansa kakanninmu da jiki suke awo. Kamu shi ne daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa, gaba kuwa buɗe hannuwa biyu ne. Har yau za ka ga mai sayar da yadi ya kama bakin ƙyalle a hancinsa ya miƙe hannu ya ce yadi ɗaya ke nan, alhali hannun dogo da na gajere ba ɗaya ba ne. Turmin atamfa kuwa, a yadda kowace mace ta san shi, yadi shida ne, inci 216. Ana raba shi falle uku, kowane falle yadi biyu, kuma a kan wannan lissafin aka gina ɗinkinmu: falle ɗaya zane, falle ɗaya riga, na ukun a fitar da ɗankwali a bar saura don hannu ko majanyi.

To inci 197 daga ina ya fito? Mita biyar ce cif. Cikakken yadi shida ya kusa mita biyar da rabi. Masaƙar da ke yanka da mita, idan ta yanka biyar ta naɗe a leda, abin da ya fito yana kama da turmi a ido da a hannu, amma ya gaza da inci 19, fiye da rabin yadi. Telan ya yi mini lissafin a kan takarda. Zane ya ci inci 72, riga ta ci 72, ya zama 144. A cikakken turmi sauran 72 ne. A nawa sauran 53. Ɗankwalin kirki zai ɗauki 36, sai a bar shi da inci 17 kacal don hannun riga da gyaran fure inda zane bai haɗu ba. Ga siririyar yarinya zai isa. Ga yayata, uwar amarya, bai isa ba. Kuma ba a nan asarar ta tsaya ba, domin auduga tana ɗan tsukewa a wankin farko. Ko da kashi uku cikin ɗari ne, a yadi shida ya haura inci shida. Wanda ya ce "turmi" bai ƙara komai ba, ya bar wa mai saye ta ɗauka yadi shida ne. Idan ya san yadi biyar da rabi ne, kalmar gaskiya ita ce ya ce biyar da rabi.

Faɗi kuwa kusan ba a ambatonsa a kasuwa, kuma ina ganin shi ya fi cutar da mata. Dalili shi ne yadda ake ɗaura zane. Tsawon ƙyallen shi ke zagaye ƙugu, faɗinsa shi ke sauka daga ƙugu zuwa idon sawu. Wato abin da mai shago zai kira faɗi, a jikin mace tsayi ne. Atamfa mai kyau tana zuwa da faɗin inci 46 zuwa 48. Masu araha da yawa suna tsayawa a 44 ko 45. Doguwar mace da ke da inci 42 daga ƙugu zuwa idon sawu tana buƙatar inci uku ko huɗu na naɗi a sama don zanen ya kama. A inci 47 ta samu. A inci 44 dole ta zaɓa, ko zanen ya ɗage ko ɗaurin ya yi sako-sako. Da wannan ne ake ganin tela ya ƙara wani ƙyalle a saman zane, wanda riga ke rufewa. Gwaggona tana da sandar awo ta katako a rumfa, kuma idan doguwa ta shigo, kafin a yi maganar kuɗi sai ta ce, "'Yata, tsaya in gwada miki faɗin tukuna."

Sai sunayen da suka fi daɗi a kunne. Holan sunan ƙasa ne. Ana nufin atamfar kamfanin Vlisco da ke garin Helmond a ƙasar Holan, wanda ya fara aiki a 1846. Sufa kuma ba yabo ba ne a asalinta, sunan wani samfuri ne da wannan kamfanin ya fito da shi a 1973, mai saƙa matsattsiya da zare siriri, wanda ya fi Holan ta yau da kullum laushi da tsada. Ingila ita ce atamfar ABC da a da ake bugawa a kusa da Manchester. Kwaddibuwa ita ce ta Uniwax da ke Abidjan. Nicem ta samo sunanta daga masaƙar Nichemtex ta Ikorodu a Legas. Kowane suna a da yana gaya maka wuri ɗaya da masaƙa ɗaya, kuma mace tana iya jera lefenta da su, kowa ya san darajar kowanne.

Amma wuraren sun motsa, sunayen suka tsaya. A cikin shekarun 2000 aka kwashe aikin ABC daga Ingila aka kai Akosombo a ƙasar Ghana, don haka sabuwar "Ingila" ta gaske ma ba a Ingila aka buga ta ba. A nan gida, masaƙun Kaduna da suka tufatar da Arewa sun durƙushe: KTL da aka buɗe a 1957 ta tsaya a 2002, UNTL ta rufe a 2007. Gurbin da suka bari kayan Sin ne suka cike shi, suna bi ta Kantin Kwari a Kano su hauro Filato. A cikinsu akwai masu ɗauke da sunansu na kansu, irin su Hitarget, kuma wannan ba laifi ba ne ko kaɗan, domin mai saye ta san abin da ta saya kuma ta biya kuɗinsa. Akwai kuma waɗanda suka ari furen Holan, suka ari rubutun gefenta, har da takardar da ake mannawa. Daga nan ne "Sufa" ta sauka daga sunan kaya ta zama kalmar kirari. Yau za ka ji ƙaramar Sufa, babbar Sufa, Sufa mai lamba biyu. Da na koma wurin mai shagon nan, bai musa ba. Cewa ya yi, "Ai Hajiya kowa ya san Sufa iri-iri ce." Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya, tunda kuɗin da na biya bai kai na Sufar asali ba, kuma ban yi zaton ita na saya ba. Amma na yi zaton sunan yana ɗauke da wani alkawari game da saƙa da rini. Babu abin da ya ɗauka.

Yana da kyau a san abin da ake nufi da wakis, tunda a kansa duk wannan daraja ta hau. Kalmar tana nufin kaki. Dabarar ta samo asali daga batik na tsibirin Jawa a Indunusiya, inda ake zana kaki a kan ƙyalle don ya hana rini shiga. Turawan Holan suka mai da ita aikin inji, kuma a ƙarshen ƙarni na 19 kayan suka samu kasuwa a gaɓar Afirka ta Yamma. A masaƙa ana buga narkakken ƙaro a fuska biyu na farin ƙyalle, a tsoma shi a rini, galibi shuɗin baba. Inda ƙaron ya rufe ya zauna fari. Inda ya tsattsage, rini ya kutsa ya bar siraran jijiyoyi. Sai a wanke wani sashe na ƙaron, abin da ya rage ya bar ɗige-ɗige kamar kumfa, sannan a ɗora sauran launuka ɗaya bayan ɗaya. Saboda haka wakis na gaske yana da alamu biyu da ido zai iya kamawa. Gabansa da bayansa kusan ƙarfin launi ɗaya ne. Kuma jijiyoyin nan da kumfar ba sa maimaita kansu daidai, domin tsagewar ƙaro ba ta bin tsari.

Ɗaya nau'in shi ne fansi, wanda ake buga launi kai tsaye a fuska ɗaya. Juya shi, za ka ga bayan ya yi fari-fari. Yawancin zannuwan da ake bugawa don taro, irin na ƙungiyoyin Zumuntar Mata na coci-cocin Jos ko na kamfen ɗin siyasa, wannan nau'in ne, kuma suna biyan buƙatar da aka yi su dominta. Matsala tana zuwa ne idan aka zana wa fansi jijiyoyin ƙarya aka kira shi wakis. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: nemi wata 'yar tsaga mai siffa ta daban a jikin fure, ka bi zanen zuwa inda furen ya sake dawowa. Idan ka same ta a nan ma, tsaf kamar an kwafe, to zana ta aka yi. Rubutun gefen zane da lambar fure suna taimakawa, amma su ne farkon abin da mai jabu ke kwaikwaya, don haka ba a tsayawa a kansu kaɗai.

Sai batun zare. Matan kasuwa suna da kalmar da ta fi duk wani rubutun leda gaskiya, wato roba. Idan aka ce atamfa roba ce, ana nufin zarenta na foliyesta ne ko an gauraya shi da auduga. Sabuwar atamfa ba ta saurin tona kanta, domin an cika ta da sitaci an goge ta da inji har tana ƙyalli tana ƙara a hannu. Mutane da yawa suna ɗaukar wannan taurin a matsayin kauri, sai an wanke sitacin ya fita a ga ashe saƙar shara-shara ce. Ɗaga ta sama ka kalli haske ta cikinta, tazarar zaren za ta nuna. Gwajin da ba ya ƙarya kuwa na wuta ne. Telan ya zare 'yan zaruruwa daga bakin ƙyallena ya kusantar da ashana. Auduga tana kamawa da sauri, tana warin takarda mai ƙonewa, ta bar toka mai laushi da ke murjewa a yatsa. Roba tana janyewa daga wuta, ta narke, ta yi baƙin hayaƙi, ta dunƙule ta zama ɗan ƙwallo mai tauri. Nawa ya yi duka biyun: ya bar toka, ya kuma bar ƙwallo. Gauraye ne.

Ban ɗauki roba abin ƙyama ba. Ba ta tsukewa, ba ta saurin yamutsewa, tana saurin bushewa, kuma launinta yana daɗewa. A sanyin Jos ma ba ta takura jiki kamar yadda za ta yi a zafin Lafiya ko Sakkwato. Amma ba ta shan gumi, dutsen guga mai zafi yana sa ta ƙyalli ko ya narkar da ita, kuma ga macen da ke girki a murhu akwai haɗari na gaske, domin idan ta kama wuta narkewa take yi ta manne a fata. Wannan kaɗai ya isa a ce dole ne a faɗa wa mai saye.

Yanzu ga kalmar da ta fi kowace ruɗani. "Ba ta zuba" amsa ɗaya ce da ake bai wa tambayoyi uku mabambanta, kuma Hausa tana da kalma ga kowace. Zuba ita ce rini ya fita cikin ruwan wanki. Koɗewa ita ce launi ya dushe a hankali. Akwai kuma shafa, inda launi ke gogewa ya hau kan farar shimi, ko jaka, ko fata, ko da ba a jiƙa ba. Ba dalili ɗaya ke kawo su ba. Zuba a wankin farko ko na biyu sau da yawa rarar rini ce da ba ta kama zare ba, kuma atamfa mai kyau ma tana iya sakin kaɗan, musamman shuɗi da ja, sannan ta tsaya. Abin tsoro shi ne wadda ke ci gaba da zuba a wanki na huɗu da na biyar, ko wadda janta ke malala cikin farin jikinta. Koɗewa aikin rana ne da sabulu mai kaifi, kuma zane yana iya ƙin zuba ko ɗigo amma ya koɗe cikin wata uku. Shafa kuma tana yawa inda launin ya zauna a saman zare kamar fenti bai ratsa ba, kuma za a fara ganin ta a wurin ninki da wurin zama.

Ana iya gwada biyu daga cikinsu kafin a yanka. A jiƙa farin ƙyallen auduga, a ɗora a kan lungun atamfar inda launi ya fi duhu, a danna da dutsen guga mai ɗumi na ɗan lokaci. Idan farin ya ɗauki launi, za ta zuba. A sake ɗaukar busasshen farin ƙyalle a goga da ƙarfi sau goma. Idan ya ɗauka, za ta shafa. Ankona ya ci gwajin shafa, ya faɗi na zuba: jan ya fito sosai a kan farin. Koɗewa ce ba ta da gwajin minti biyar. A kanta abin da mai gaskiya zai iya faɗa shi ne abin da ya gani a jikin waɗanda suka saya a baya.

A nan yanayin Jos ya shigo. Garin yana bisa tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, kuma iskarsa mai sanyi tana yaudarar mutum ya ɗauka ranar ba ta da ƙarfi, alhali a tudu hasken da ke cin launi ya fi kaifi. Ga kuma al'adar shanya a kan duwatsu da ciyawa, inda zane ke yini fuskarsa a sama tun hantsi har la'asar. A lokacin hunturu atamfa tana bushewa cikin ɗan lokaci, sauran awoyin duk na koɗewa ne. Damina kuma tana da nata. A watan Yuli da Agusta wanki yana iya kwana biyu bai bushe ba, sai a ninke shi da danshi, ja ya kwanta a kan fari ya bar tabo, ko fumfuna ta kama.

Don haka "a wanke da kyau" ba bayani ba ne. Bayanin shi ne ruwan sanyi, sabulu mai laushi, ita kaɗai a wankin farko, ba a jiƙa ta ta kwana, a ɗauraye har ruwa ya fito fes, a juya bayanta a shanya a inuwa, a goge ta baya tana da ɗan danshi. Garin sabulun da muke kira omo, kowane kamfani ya yi shi, yawanci an haɗa shi ne don ya haskaka fararen kaya, kuma yana saurin cin launi idan aka zuba shi kai tsaye a kan zane. Bilic kuwa ko kusa. Akwai masu jiƙa sabuwar atamfa a ruwan gishiri wai don launi ya kama. Gishiri yana da aiki a tukunyar rini lokacin da ake rinawa, amma bayan an gama ba ya ɗaure rinin da bai kama ba. Abin da ke amfani a wannan jiƙon shi ne ruwan da ya kwashe rarar, ba gishirin ba. Idan za a ba mai wanki da guga, a faɗa masa ko roba ce, don ya rage wa dutsen gawayi.

Malamanmu suna kiran ɓoye lahanin kaya algus, kalmar da ta zo daga Larabci, kuma a fiƙihu wanda ya sayi abu ya tarar da aibin da aka ɓoye masa yana da ikon mayarwa. Abin da na lura shi ne a cinikin atamfa ba kasafai ake yin algus da ƙarya tsirara ba. Da kalmomi masu faɗi ake yi, waɗanda mai sayarwa zai iya fakewa a bayansu. Shi ya sa nake ganin sunan kirari ba ya cikin siffantawa. A faɗe shi idan ana so, amma a biyo shi da abin da tef da ashana da farin ƙyalle za su iya tabbatarwa.

Har yanzu ina jin muryar gwaggona tana miƙa wa wata amarya zane daga saman kanta. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta rantse ba. Cewa ta yi, "'Yata, wannan ba Holan ba ce, furenta kawai aka ɗauko. Yadi shida ce cif, na gwada. Faɗinta inci arba'in da biyar, ke kuma doguwa ce, sai an ƙara miki a sama. Auduga ce. Jan zai fita a wanki biyu na farko, ki ware ta, daga nan ta tsaya. Kada ki bar ta a rana." Amaryar ta ɗauki turmi biyu.

Mu kuma a namu bikin, mai shagon ya karɓi turmi bakwai da ba a yanka ba ya canza mana da wani samfurin, muka cika kuɗi. Wannan karon a gabansa telan ya buɗe leda ya ja tef, inci 216 a tsaye, 46 a kwance. Biyar ɗin da aka riga aka yanka muka ɗinka wa yara 'yan mata, aka wanke kowanne shi kaɗai sau biyu kafin ranar, aka shanya a baranda.